Neman a sake duba maki a tambayar asarar ruwa cikin bututu

Tambaya: Assalamu alaikum. A jarrabawa an ba mu bututun ƙarfe mai tsawon mita 200 da faɗin mita 0.1, ruwa na gudu mita 2 a daƙiƙa, kuma f = 0.02. Na samu asarar mita 8.15, amsar Malam kuma 32.6, aka ba ni sifiri. Yaya zan rubuta masa ba tare da na ɓata masa rai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Na daɗe ina gyaran takardun ɗalibai a wannan darasi, kuma abin da zan fara ba ka shawara shi ne ka raba 32.6 da 8.15 kafin ka ɗauki biro. Za ka samu huɗu cif, wanda ke nuna cewa saɓanin da ke tsakaninku ba na lissafi ba ne, na ma'anar f ne. Shi f lamba ce da ke auna gogayyar ruwa da bangon bututu. Akwai f na Darcy, akwai na Fanning, kuma na Darcy ya ninka na Fanning sau huɗu, shi ya sa littattafai suke rubuta ƙa'idar iri biyu:

```
Darcy:   hf = f (L/D) V²/2g
Fanning: hf = 4f (L/D) V²/2g
```

A nan hf shi ne asarar matsin ruwa da ake aunawa da tsayin ruwa a mita, L tsawon bututu, D faɗinsa, V gudun ruwa, g kuma ƙarfin jan ƙasa. A tambayarku L/D ya zama 2,000, V²/2g kuma kusan mita 0.204, don haka ƙa'idar farko ta ba da 8.15, ta biyun ta ba da 32.6. Ƙananan asarori ba za su cike wannan giɓi ba, domin ko an haɗa ta mashigar bututu mai lambar asara K = 0.5 da ta mafita mai K = 1.0, abin da zai ƙaru bai wuce mita 0.31 ba.

Hujjarka mafi ƙarfi tana cikin jadawalin Moody, wanda f na Darcy yake bayarwa. Lambar Reynolds, wadda ke nuna yanayin gudanar ruwa, ta kai kimanin 200,000 a nan, kuma sabon bututun ƙarfe mai kaushin milimita 0.045 yana ba da f kusa da 0.019, wato dab da abin da aka ba ku. Idan kuwa aka ce 0.02 na Fanning ne, to na Darcy ya koma 0.08, kuma kafin a kai nan sai kaushin cikin bututun ya haura milimita 5, irin bututun da tsatsa ta riga ta cinye. Duk malamin da ya san aikinsa zai tsaya ya yi nazari idan ya ga wannan a rubuce.

Sai dai ka buɗe littafinka na aji tukuna. Idan tun farkon zango da ƙa'idar 4f Malam yake koyarwa, ko takardar tambayar ta fayyace wane f ake nufi, to hujjarka ta ragu, kuma abin da ya dace ka nema shi ne makin matakan aiki. Da a ce 0.005 aka bayar ka sa shi a ƙa'idar Darcy, da na ce ka haƙura, domin ko bututu mai santsi ƙwarai ba ya sauka ƙasa da kimanin 0.016 a wannan gudu.

Ga yadda zan tsara wasiƙar, sai ka mayar da ita Turanci, ka sa lambarka ta ɗalibi da lambar darasin a sama:

"Malam, bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon ku sake duba amsata ta tambayar asarar ruwa cikin bututu. Tambayar ba ta bayyana ko f = 0.02 na Darcy ne ko na Fanning ba, sai na ɗauke shi a matsayin na Darcy, saboda shi ne ya dace da bututun ƙarfe a lambar Reynolds 200,000 bisa jadawalin Moody. Amsata ta bambanta da taku da ninki huɗu daidai, kuma na haɗa lissafin ta hanyoyin biyu a takardar da ke biye. Idan kun ga fahimtata tana da tushe, ina roƙon a ba ni makin da ya dace da aikin, idan kuma na kauce, zan yi godiya ku nuna mini wurin."

Kada ka ambaci makin wani abokinka, kada ka sa kalmar zalunci, kuma kada ka kawo zancen cewa faɗuwa za ta sa ka maimaita darasin, domin malami yana iya gyara maki a kan hujja, amma ba zai iya kare gyaran da ya yi saboda tausayi a gaban sashe ba. Ka tambayi jami'in jarrabawa na sashenku ko an riga an amince da sakamakon. Idan an amince, Malam shi kaɗai ba shi da ikon sauya komai, sai wasiƙar ta bi ta ofishin shugaban sashe, kuma makarantu da dama suna da wa'adi da kuɗin sake gyara, don haka ka miƙa da wuri, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.