Maganin tsutsar awaki: a duba ido da kashi kafin a yi ɗura

Tambaya: Likita, akuyata na da ciki ɗan sati biyu, zan iya ba ta albendazol? Daga wata mai kiwo a Gumel.

Amsa: A'a, Hajiya. Albendazol yana iya lalata ɗan tayi a farkon ciki, don haka a guje masa har a wuce kwana 45. Idan cikin fatar idonta ya yi fari, alamar ƙarancin jini, a kai ta wurin likitan dabbobi ya zaɓa mata wani maganin.

Tambaya: Ina da awaki 40. Duk wata nake yi musu ɗurar maganin tsutsa gaba ɗayansu, amma daminar bana biyar sun mutu, haɓarsu ta kumbura, kuma ko zawo ba su yi ba. Mai shagon magani ya ce in koma duk sati biyu. Daga wani makiyayi a Funtuwa.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah kada ka bi wannan shawara, domin yawan ɗurar nan shi nake zargi da jawo maka asarar.

Alamun da ka faɗa sun yi kama da aikin wata siririyar tsutsa mai suna Hemonkus, wadda ke zama a sashe na huɗu na cikin akuya tana tsotsar jini. Ba kasafai take sa zawo ba, shi ya sa masu jiran ganin zawo suke makara. Jini ne ke ƙarewa, ruwa ya taru a ƙarƙashin haɓa, akuya ta riƙa zama a bayan garke, sai a wayi gari ta faɗi. Macen tsutsar tana zuba ƙwai dubbai a rana guda, ƙwan ya fita da kashi ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta hau ciyawa mai danshi, akuya ta haɗiye ta wajen kiwo, cikin kamar sati uku sabuwar tsutsar ta fara nata ƙwan. Saboda haka damina ce lokacinta.

A cikin tsutsotsin da ke garkenka, tun asali akwai 'yan kaɗan da magani ba ya kashewa. Duk ranar da ka yi wa awaki 40 ɗura tare, ka kashe masu jin magani, ka bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa su kaɗai. Wata bayan wata kana tace su, har ya zama yawancin ƙwan da ke makiyayarka nasu ne. Daga nan kuɗinka kawai kake zubarwa, kuma idan wani jinsin magani ya daina aiki a garke, da wuya ƙwarai ya dawo. Jinsunan da ake samu a kasuwanninmu kuwa uku ne: dangin albendazol, lebamisol, da dangin aibamektin. Sauya kwalba daga wannan kamfani zuwa wancan ba sauya magani ba ne idan jinsinsu ɗaya, a karanta abin da ke ciki.

Abin da ke ba mu mafita shi ne tsutsa ba ta rabuwa daidai a garke. Kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na dabbobin ne ke ɗauke da mafi yawanta, sauran jikinsu na iya riƙe kaɗan ɗin da ke gare su. Idan aka ba waɗanda suka galabaita magani aka ƙyale masu ƙarfi, tsutsar da ke cikin masu ƙarfin, wadda har yanzu tana jin magani, za ta ci gaba da zuba ƙwai tana gauraya da masu taurin kai, ta hana su mamaye makiyaya. Na san da nauyi a ce wa mai dabba ya bar tsutsa da gangan, amma ita ce ke sa maganin ya daɗe yana yi maka aiki.

To ta yaya za ka gane wadda ke buƙata? Da launin cikin fatar idonta ta ƙasa. Akwai wani kati da ake kira FAMACHA, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu aka sa masa sunan likitan dabbobi Faffa Malan. Yana da launi biyar: lamba 1 ja sosai, 2 ja mai ɗan haske, 3 ruwan hoda, 4 ruwan hoda da ya koɗe ya kusa fari, 5 fari fat. A fito da akuya hasken rana, ba cikin ɗaki ko da tocila ba. Ka rufe idon da fatar sama, ka ɗan danna ƙwayar idon a hankali da babban yatsa, ka ja fatar ƙasa da ɗaya hannun har naman cikin ya bullo, ka kara katin a gefensa nan take. Idan ka daɗe kana riƙe da idon, zai yi ja ya yaudare ka. Ka duba ido biyun, idan launi ya faɗa tsakanin lambobi biyu, ka ɗauki mafi fari. Katin kansa yana koɗewa a rana, a ajiye shi cikin ambulan, kuma hotonsa a waya ko wanda aka kwafa a shago ba ya ba da launi na gaskiya. Ka nemi ma'aikacin dabbobi da ya iya aikin ya nuna maka da hannu a karon farko.

Mu ɗauka ka duba naka, 28 suka fito lamba 1 da 2, takwas lamba 3, uku lamba 4, ɗaya lamba 5. Ashirin da takwas ɗin nan ka sake su, ba sa buƙatar komai yau. Huɗun da ke 4 da 5 magani yau ɗin nan, ita mai lamba 5 kuma a ware ta a inuwa, a ba ta ruwa da harawa da dusa, kada a kora ta kiwo mai nisa, a kira likita domin tana iya mutuwa. Cikin masu lamba 3, a ba ƙanana da masu tsohon ciki da masu shayarwa da ramammu. Idan kuwa masu 4 da 5 sun haura ɗaya cikin goma na garken, a haɗa da duk masu lamba 3. A damina a maimaita dubawa duk sati biyu, da rani duk wata ko sati shida. Ka riƙe littafi. Akuyar da kullum ita ce ke komawa lamba 4, ita ke cika maka makiyaya da ƙwai, kuma 'ya'yanta kan gado raunin, gara ka sayar da ita ga mahauta.

Ido yana nuna wadda za a ba magani, amma ba ya nuna ko maganin na aiki. Wannan aikin gwajin kashi ne, kuma shi nake so ka fara yi. Zaɓi awaki 10 zuwa 15 da suka daɗe ba su sha magani ba, ka yi musu alama. Sa safar hannu ka ɗebo ƙwayoyin kashi kamar goma daga duburar kowace, ko ka tsince su da zarar sun faɗo, kowace da ledarta da lambarta, ka matse iskar ka ɗaure. A sa cikin kula mai sanyi, kada ya daskare, a kai ɗakin gwaji a ranar, domin a zafinmu ƙwan yana saurin ƙyanƙyashewa. Kai da ke Funtuwa, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya bai yi maka nisa ba. A can za su dama giram 2 na kashi cikin mililita 28 na ruwan gishiri mai kauri, ƙwan ya taso sama, su ƙirga a madubin likita, su ninka da 50 a samu yawan ƙwai a giram ɗaya. A ba waɗannan awakin magani daidai awo, bayan kwana 10 zuwa 14 a sake ɗebo kashinsu. Idan da farko matsakaicinsu ƙwai 2,000 ne, yanzu ya koma 700, raguwar kashi 65 cikin 100 ke nan. Magani mai aiki ya kamata ya rage kashi 95 ko fiye. Da wannan sakamako likita zai ce maka ka bar wancan jinsin, ya zaɓa maka wani ko ya haɗa maka biyu.

Sai awo, wanda a nan mutane da yawa ke cutar kansu. Jikin akuya yana fitar da magani da sauri fiye da na tunkiya, kuma awon da ke jikin yawancin kwalabe na tumaki da shanu ne. Akuya kan buƙaci ninki biyu na awon tunkiya a albendazol da aibamektin, amma lebamisol ninki ɗaya da rabi kawai, domin shi idan ya yi yawa yana kashewa. Misali akuya mai kilo 25, idan likita ya rubuta albendazol miligiram 10 a kowane kilo, miligiram 250 ke nan: mililita 10 daga kwalba mai ƙarfin kashi 2.5, ko mililita 2.5 daga mai kashi 10. Ka ga rashin duba kwalba na iya sa a ba da rubu'in abin da ake buƙata. A auna ta da sikelin rataye maimakon kintace, a zuba maganin can bayan harshe da sirinji. Raba ƙwaya ɗaya ga awaki uku don tsimi koya wa tsutsa jure magani ne.

Tambaya: Ana cewa ɗurar kananzir ko ruwan taba na kashe tsutsa. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Wallahi wannan abu yana ɓata mini rai. Kananzir yana ƙona ciki, idan ya sarƙe ta ya shiga huhu ya kashe ta, tsutsar kuwa tana nan. Ruwan taba guba ne mai sa karkarwa da dalala. Akuyar da jininta ya riga ya ƙare ina za ta iya da wannan? Haka baƙin mai da fetur. Wanda ya riga ya ba, kada ya ƙara ɗura mata komai, ya nemi likita yanzu.

Tambaya: Na ba da magani sati uku da suka wuce, har yanzu idon fari ne. A fadama muke kiwo. Daga wani mai kiwo a Haɗeja.

Amsa: Jini yana ɗaukar makonni kafin ya dawo, musamman idan abinci bai wadata ba, amma sati uku babu ko ɗan canji abin dubawa ne. Ko dai maganin bai yi aiki ba, ko kuma ba Hemonkus ba ce. Katin ƙarancin jini kawai yake nunawa, ba ya faɗin dalili. A fadama tsutsar hanta ita ce abin zargi na farko, kuma aibamektin shi kaɗai ba ya taɓa ta. Sammore da yawan kaska da ƙwarƙwata su ma suna sa ido ya yi fari. Kai kashi da jini a gwada, ka gaya musu a fadama kuke, domin gwajin ƙwan tsutsar hanta daban ne. Kada ka sake ɗura kafin sakamako ya fito.

Tambaya: Na sayo bunsuru a kasuwa, in haɗa shi da sauran? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Tukuna. Yana iya kawo miki tsutsar da ba ta jin magani, ko ma annobar awaki. A ɗaure shi daban na sati uku zuwa huɗu, likita ya ba shi haɗin jinsunan magani, a riƙa kwashe kashinsa, a gwada shi bayan sati biyu. Idan ya fara majina ko zawo a wannan lokaci, a kira likita da gaggawa.

Tambaya: Za a iya shan nonon akuyar da aka ba magani? Daga wani magidanci a Sakkwato.

Amsa: Sai kwanakin jira da aka rubuta a kwalba sun cika, haka ma yanka. Tunda awon akuya ya fi na kwalba, likitan da ya rubuta maganin zai ƙara maka kwanaki a kai, ka tambaye shi kafin a ba yara.