Ɗan aji biyu da takardar neman horon aiki: hujja ake nema

"Yaya, ina aji biyu a jami'a, ƙididdiga nake karantawa. Na ga wani kamfani a can ƙasar wajen da kake zaune yana ɗaukar ɗalibai horon sanin makamar aiki na wata uku. Sun ce a tura takardar bayanin kai, ni kuwa ban taɓa aiki a ko'ina ba. Ga wadda na rubuta, shafi uku ce, don Allah ka duba min."

Ƙanena, na duba, kuma idan ka tura ta a haka ba za a kira ka ba. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga irin wannan takarda, domin yaro mai ƙoƙari ne yake ɓoye ƙoƙarinsa da hannunsa. Wanda zai karanta ta ya san ɗan aji biyu bai taɓa riƙe ofis ba, shi ya sa ma ake kiran abin horo. Abin da yake nema shi ne shaidar cewa ka taɓa ɗaukar wani aiki daga farko ka kai shi ƙarshe. A shafi ukun nan babu wannan shaidar ko sau ɗaya.

Ka jero darussa goma sha biyu da lambobinsu. Lambar darasi ba ta da ma'ana ga wanda ba ya jami'arku, sunan darasi kuma yana nuna ka zauna a aji ne kawai, kamar sauran 'yan ajinku duka. Ɗauko sanarwar kamfanin, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwan da suka ce suna so. Idan sun ambaci tsaftace bayanai, da Excel, da rubuta rahoto, to ka bar darussa uku ko huɗu da suka shafi waɗannan, a layi ɗaya a ƙarƙashin sunan digirinka. Sauran ka share su.

Zuciyar takardar tana sashen ayyukan da ka yi, kuma nan ne ka fi yin sakaci. Ka rubuta: "Na shiga aikin rukuni a darasin hanyoyin bincike." Wannan layin bai faɗi komai ba. Kowane layi ya amsa tambaya huɗu: me ka yi da hannunka, da wane kayan aiki, yawansa nawa, me ya fito daga ciki. A ce ku huɗu ne kuka raba takardun tambayoyi ga ɗalibai 120 kan yadda suke amfani da ɗakin karatu, kai ne kuma aka bar wa shigar da amsoshi. To ga yadda layukan za su kasance:

"Na shigar da amsoshin ɗalibai 120 a Excel, na cire 14 da aka maimaita ko ba a cike ba, na daidaita rubutun sunayen sassa kafin lissafi."

"Na gwada alaƙar matakin aji da yawan zuwa ɗakin karatu a kan amsoshi 106 da suka rage, na zana jadawali uku na rahoton rukuni mai shafi goma, na gabatar da sakamakon a gaban aji."

Aikin ɗaya ne, amma yanzu mai karatu ya ga ka san cewa bayanai ba sa zuwa a tsaftace, ya ga lissafinka ya tashi daidai, 14 daga 120 saura 106. Alƙaluman nan misali ne, kai ka koma ga rahotonka ka ɗauko na gaskiya. Idan ba ka tuna adadi ba, ka bar shi, kada ka ƙirƙira.

Ka kula da kalmar "mun". A aikin rukuni ka faɗi yawanku sau ɗaya, sannan ka faɗi naka rabon. Masu ganawa suna ɗauko layi ɗaya su tambaye ka: me ya sa ka cire waɗancan 14, me ya sa ka zaɓi wannan gwajin ka bar wancan? Wanda ya ari aikin abokinsa a nan yake tsayawa cik, daga nan kuma sauran takardar duka ta zama abin zargi. Haka ma jerin ƙwarewa. Ka sa Python, da R, da SQL, alhali babu inda suka fito a ayyukanka. Duk kayan aikin da ba za ka iya nuna aikin da ka yi da shi ba, ka cire shi. Idan da gaske ka rubuta wani abu da Python, ka ɗora shi a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, tare da ɗan bayanin abin da yake yi, ka sa adireshin, ka kuma gwada shi daga wayar wani don ka tabbatar yana buɗewa.

Harkokin makaranta ma ma'aunin ɗaya ne. "Mamba a ƙungiyar ɗaliban sashe" ba hujja ba ce, ko wanda bai taɓa zuwa taro ba yana iya rubuta ta. Amma ka taɓa gaya min kana koyar da 'yan aji ɗaya lissafi kafin jarrabawa, sai ga shi ba ka sa ba! Rubuta yawan ɗaliban, sau nawa a mako, na tsawon makonni nawa, da watan farawa da na gamawa. Wannan yana nuna kana iya bayani, kana kuma cika alkawari, ba sai ka rubuta "mai ƙwazo da riƙon amana" ba, kalmomin da kowa ke yi wa kansa kirari da su.

Game da maki, ka rubuta shi tare da ma'auninsa, misali 4.1 cikin 5.0. Jami'o'in Amurka galibi ma'aunin 4.0 suke amfani da shi, don haka lamba tsirara tana rikita mai karatu. Kada ka juya shi zuwa wani ma'auni da kanka. Idan makin ba shi da ƙarfi kuma ba a nema ba, ka bar shi. Ka sa shekarar da kake sa ran gamawa, domin da ita suke gane matakinka.

Hotonka, da ranar haihuwa, da addini, da batun aure duk su fita idan Amurka, Birtaniya ko Kanada za ta je, saboda kamfanoni suna gudun a zarge su da nuna bambanci. A Jamus har yanzu mutane da yawa suna sa hoto, to ka bi al'adar ƙasar da kake nema.

Sai ka mayar da komai shafi ɗaya: suna da hanyar tuntuɓa a sama, sai karatu, sai ayyuka biyu ko uku kowanne da layi biyu zuwa uku, sai harkokin makaranta, sai ƙwarewa da harsuna. Girman rubutu kada ya gaza 10, kada ya wuce 12. Ka guji akwatuna da ginshiƙai biyu, domin kamfanoni da yawa manhaja ce take fara karanta takardun, kuma tana cakuɗa irin wannan tsari. Ka adana ta a PDF, ka buɗe, ka kwafe rubutun duka ka liƙa a shafin rubutu mara ado. Idan layukan sun fito a jere yadda ka rubuta su, manhajar ma za ta iya karantawa. Idan ba ka iya kwafe komai ba, hoto ka adana ba rubutu ba.

Kafin ka ɓata daren ka a kan gyara, sake karanta ƙasan sanarwar. Horo da yawa na waɗanda suke da izinin aiki a ƙasar ne, ko ɗaliban jami'o'inta, kuma takarda komai kyanta ba ta tsallake wannan sharaɗi. Idan an buɗe wa na waje, gyara ta da harshen da aka rubuta sanarwar, ka turo min tare da rahoton aikin rukunin naku, in gwada alƙalumanka da abin da ke ciki.