Gida 400 Ko Gida 4,000: Wanne Zan Biya?

Tambaya: Ina son in fara sayar da fanka mai aiki da hasken rana a Sakkwato, amma ina son in san gidaje nawa ne za su saya. Wani mai bincike ya ce zai tambayi gida 400, wani kuma ya ce garin ya yi girma, sai an tambayi 4,000, kuɗinsa kuma ninki goma ne. Wanne zan ɗauka? Daga wani ɗan kasuwa, Mabera.

Amsa: Alhaji, ka ɗauki na farkon, muddin ya nuna maka yadda zai zaɓo gidajen. Idan ana son sakamakon ya kasance kusa da gaskiya da ratar da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, sama ko ƙasa, da tabbacin kashi 95, lissafin yawan gidajen da za a tambaya shi ne n = 1.96² × 0.5 × 0.5 ÷ 0.05², wanda ke ba da gida 384. Ka lura cewa yawan gidajen gari bai shiga lissafin ba ko kaɗan.

Dalili kuwa, kuskuren bincike yana zuwa ne daga sa'ar wanda aka ci karo da shi. A ce gida 30 cikin kowane 100 ne ke son fankar. Duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa, damar dacewa da mai so 30 ce cikin 100, ko gidajen garin dubu ɗari ne ko miliyan, domin cire 400 daga cikinsu bai sauya abin da ya rage ba. Mai girkin biki da ke dafa miya a ƙatuwar tukunya cokali ɗaya take ɗanɗanawa, daidai da mai girkin mutum biyar.

Yawan jama'a yana tasiri ne kawai idan ba su da yawa. A ƙauye mai gida 200, gida 132 sun isa. Mai 1,000 na buƙatar 278. Mai 10,000 kuma 370. Da an kai 100,000, adadin ya zama 383, daga nan kusan ba ya motsi.

Gida 4,000 suna rage ratar zuwa kusan kashi 1.5, amma ban ga abin da hakan zai sauya a shawararka ba, tunda ko masu so 28 ne ko 33 cikin 100, za ka sari kayan. Sai fa idan kana son alkaluman Mabera daban, na Arkilla daban, na Runjin Sambo daban. A nan kowace unguwa na buƙatar ɗaruruwanta.

Abin tsoro shi ne miyar da ba a juya ba. Mai binciken da ya tsaya bakin Babbar Kasuwa da rana yana tare masu wucewa ba zai taɓa jin ta bakin matan da ke cikin gida ba, alhali su ne ke shan zafin watan Afrilu, kuma ko mutum 4,000 ya tare wannan giɓin yana nan. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka nemi jerin unguwannin da zai shiga, da ƙa'idar zaɓen gida a kowane layi, da abin da zai yi idan ya tarar ba kowa a gida.