Tambarin da ke kan bidiyon gwaji, da abin da kake samu in ka biya kuɗin lasisi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa wani mai kamfanin sufuri talla, na sauko da bidiyon titin Abuja da aka ɗauka daga sama a Shutterstock, amma sunansu ya mamaye hoton, kuma ya yi dishi-dishi. In na biya, rubutun zai goge ne a cikin aikin da na riga na haɗa, ko sai na sake daga farko? Daga wani edita a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba za ka sake daga farko ba, amma rubutun ba zai goge da kansa ba. Wanda ke kwamfutarka yanzu samfuri ne, kuma an gasa tambarin a jikin kowane firem nasa, ba wani mayafi ba ne da za a yaye. Idan ka biya, sabon fayil za su ba ka, daban da wannan, kai kuma ka musanya shi da tsohon.

Dalilin tambarin a bayyane yake. Wanda ya tayar da jirgi marar matuƙi ya ɗauko titin nan ba ya samun ko sisi sai an sayi lasisi, sannan kamfanin ya ba shi kasonsa. Su kuma sun san babu editan da zai sayi bidiyo bai gwada shi a cikin aikinsa ba, bai nuna wa mai talla ya amince ba. Sai suka raba gardama: ga samfuri kyauta ka gwada yadda kake so, amma an ɓata shi yadda ba zai fita kasuwa ba. Shi ya sa ake ɗora tambarin a tsakiya, inda yanke gefe ba zai fitar da shi ba, aka kuma rage girman hoton aka matse shi. Dishi-dishin da kake gani da gangan ne. Haka ake yi a Adobe Stock da Pond5 da iStock.

Yanzu ga musanyar. In da Premiere Pro kake aiki, je ka taga ta Project, ka danna dama a kan samfurin, ka zaɓi Replace Footage, ka nuna masa sabon fayil. Duk inda ka yanka, duk inda ka rage gudu, za su zauna a wurinsu, domin tsawon bidiyon biyu ɗaya ne. Kada ka goge samfurin daga layin aiki ka jawo sabon da hannu, nan ne mutane ke jawo wa kansu aikin dare.

Sai dai akwai wani tarko da ke kama kusan kowa a karon farko, wato girma. Mu ce tallarka 1920 a 1080 ce, samfurin kuma faɗinsa 640 ne kawai. Don ya cika allo, ka ɗaga Scale zuwa 300, tunda 640 sau 3 shi ne 1920. To wannan lambar ba ta sauka don ka musanya fayil. Idan sabon mai faɗin 1920 ne, zai shigo a hure sau uku, sai ka ga rufin mota ɗaya maimakon titin gaba ɗaya. In kuwa 4K ka saya, mai 3840 a 2160, abin ya fi muni, domin shi a 50 ya kamata ya tsaya, ga shi a 300. Gyaran ba wuya: mayar da Scale 100 ga na farko, 50 ga na biyu, ko ka danna dama a kan yankin ka zaɓi Set to Frame Size, wanda a sababbin fitowar Premiere ake kira Fit to Frame. Amma in ka yi wa hoton motsin matsowa a hankali, dole ka bi lambobin motsin ɗaya bayan ɗaya ka gyara, su ma a kan tsohon girma aka lissafa su.

Launi ma zai ɗan sauya. Matsewar da aka yi wa samfuri tana cinye bayanai, musamman a sararin sama da inuwa, inda za ka ga launi yana hawa mataki-mataki maimakon ya narke. Fayil na asali ya fi shi cika, wani lokaci a tsarin ProRes yake zuwa maimakon H.264 da aka saba. Saboda haka gyaran launin da ka yi a kan samfuri kada ka ɗauke shi a matsayin gamamme. Ni shawarata, kada ma ka ɓata lokaci a kan launi sai na asalin ya iso.

Ka kuma shirya wa nauyi, domin data ba kyauta ba ce. ProRes 422 HQ mai 1080 yana cin kusan megabit 220 a kowace daƙiƙa, wato bidiyon daƙiƙa 20 zai kai megabayit 550. Na 4K ya ninka haka sau huɗu, ya haura gigabayit 2. In tallar a WhatsApp da Facebook za ta ƙare, ban ga dalilin sayen 4K ba, sai fa in kana son ka matso da hoton sosai ba tare da ya fashe ba. Kafin ka biya, duba adadin firem a shafin bidiyon. Gidajen talabijin ɗinmu a kan 25 suke, bidiyoyin kasuwar nan da yawa kuma 29.97 ne ko 23.98. Idan ka ga motoci na ɗan tsalle a samfurin, to za su yi tsalle a na kuɗin ma, biya ba ya gyara wannan.

Abin da ka saya na gaskiya shi ne izinin amfani, bidiyon yana nan mallakar mai shi, kuma gobe wani kamfanin sufurin zai iya sayen irinsa. A nan ne nake so ka buɗe ido, tunda aikinka talla ne. Wasu bidiyoyin an rubuta musu Editorial Use Only. Irin waɗannan na labarai ne da shirye-shiryen ilimantarwa, yawanci saboda akwai fuskokin mutanen da ba su sa hannu ba, ko allunan kamfanoni a cikin hoton. Bidiyon titi kuwa ya cika faɗawa wannan rukuni. Ko ka biya, ba a yarda ka tallata motar kowa da shi ba. Koma shafin ka duba tun kafin mai talla ya ƙwallafa rai a kansa.

Akwai masu sayar da irin waɗannan bidiyoyi a rukunonin Telegram da arha, wai an cire tambari. Ka lura da kyau, yawanci za ka ga tabo a tsakiya yana rawa idan hoton ya motsa, kuma girman na samfuri ne aka hura. Ko da mai tsabta ne, babu izini a sunanka. In kuɗin ne babu, Pexels da Pixabay suna da bidiyoyin kyauta marasa tambari, sai dai zaɓin wuraren Nijeriya a can bai kai na kuɗi yawa ba.

Idan ka biya, sauko da rasit da shaidar lasisin daga asusunka, ka ajiye su a jaka ɗaya da aikin, tare da lambar bidiyon. Ka sanya kuɗin a cikin lissafin mai talla tun yanzu, kafin ka miƙa masa aikin.