Tambayoyinku Kan Fasaha: Kuɗin Da Aka Kashe Ya Koma Riba A Excel

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta adashi a Tudun Wada. Kuɗin da ya shigo ina rubuta shi a B, wanda ya fita a C cikin baka biyu kamar yadda na ga akantoci suna yi. Shiga 350,000, fita (115,000), fomulata `=SUM(B2:B30)-SUM(C2:C30)`. Kuɗin da ke hannuna 235,000 amma Excel ya ce 465,000. Ranar Asabar za mu zauna, kada a ce na ci kuɗin mutane.

AMSA: Malam ma'aji kwantar da hankalinka, ba ka ci kuɗin kowa ba, sai dai da ka kai wannan takarda wajen zama da ka yi wa kanka sharri da hannunka, don duk wanda ya ga 465,000 a rubuce zai tambaye ka ina sauran 230,000. To raba 230,000 ɗin biyu. Ka samu 115,000 ko? Daidai kuɗin da kuka kashe. Wannan shi ne abu na farko da nake yi duk sanda lissafi ya ƙi haɗuwa, kafin ma in buɗe fayil, in ɗauki bambancin in raba shi biyu in nemi adadin a cikin littafin. Idan aka tara abin da ya kamata a cire, kuskuren ba ya tsayawa a adadin, ninki biyu yake yi, sau ɗaya don ba a cire ba, sau ɗaya kuma don an ƙara.

Abin da ya faru, a takarda baka biyun nan ado ne da ke gaya wa mai karatu cewa wannan kuɗin fita ya yi, amma a Excel ba ado ba ne. Da ka rubuta (40,000) ka danna Enter, shi -40000 ya ajiye, danna kan gidan ka kalli sandar fomula da ke sama za ka gani da idonka. Kenan jimlar C ɗinka ta riga ta zama -115,000 tun kafin fomularka ta taɓa ta, sai kai kuma ka zo ka ce a cire ta. Cire abin da yake ƙasa da sifili tarawa ne, 350,000 a cire -115,000 ya zama 465,000. Kwamfuta ba ta yi maka komai ba, sau biyu ka ce mata "cire" ita kuma ta yi biyayya sau biyu.

Gyaran na gaggawa shi ne ka mayar da alamar tsakiya ta zama tarawa:

```
=SUM(B2:B30)+SUM(C2:C30)
```

Zai ba ka 235,000 in dai duk abin da ke C an rubuta shi iri ɗaya. Kuma a nan ne nake da magana, don wannan "in dai" ɗin shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Littafin ƙungiya ba mutum ɗaya ke taɓa shi ba, yau kai, gobe sakatare, jibi ɗanka da ya dawo hutu daga Samaru ya ce Baba kawo in taya ka, kowa da yadda yake rubuta kuɗin fita. A ce abubuwan da kuka kashe uku ne, hayar ofis 40,000, kuɗin mota 15,000, sai rancen da aka ba wani mamba 60,000. Idan sakatare ya rubuta kuɗin motar 15,000 haka tsirara babu baka, bayan gyaran da na ba ka 265,000 za ka gani. Bambanci da kuɗin hannu 30,000, rabinsa 15,000, ka je ka nemi layin 15,000 shi ne mai laifin. Idan kuwa 250,000 ka gani, bambancin 15,000 cif, to ba juya alamar aka yi ba, tsallake layin aka yi gaba ɗaya. Hakan na faruwa ne idan wani mai son burgewa ya rubuta N15,000 ko ya ƙara "naira" a bayan lambar, ko aka kwafo daga saƙon WhatsApp da wani ɓoyayyen fili a manne. Excel zai ɗauke shi a matsayin rubutu ba lamba ba, kuma SUM ba ya ƙorafi, wucewa kawai yake yi ya bar shi. Yawanci za ka gan shi ya jingina hagu alhali 'yan'uwansa suna dama, amma kada ka dogara da wannan don mutane na daidaita komai a tsakiya saboda kyau. Ka sa wannan a wani gida da babu komai:

```
=COUNTA(C2:C30)-COUNT(C2:C30)
```

Na farkon yana ƙirga duk gidan da ke da wani abu, na biyun lambobi kaɗai yake ƙirgawa. In ba sifili ka gani ba akwai rubutu da ya yi shigar lamba.

Akwai kuma wani nau'in da ya fi wannan mugunta, wanda ido ba ya kamawa sam. Wani zai shiga Format Cells ya rubuta wa kansa tsari `(#,##0)` don yana son ganin baka biyu, to wannan tsarin kowace lamba yake sa wa baka, 15,000 mai lafiya lau za ta bayyana (15,000) alhali a ciki ba ta da alamar cirewa. Sai ka ga layuka biyu a jere kamanninsu ɗaya, ɗaya ana cire shi ɗaya ana tara shi. Shi ya sa nake ta nanatawa, abin da ke fuskar gida ba hujja ba ne, sandar fomula ake kallo. In layukan sun yi yawa `=COUNTIF(C2:C30,">0")` zai gaya maka guda nawa ne suka saɓa.

Na san akwai masu karatu da tun ɗazu suke cewa ai sai ya sa ABS ya huta. Ku dai ku yi haƙuri. ABS yana cire wa lamba alamarta ne ko wace iri ce, yau zai yi maka aiki, ranar da direba ya dawo da canjin 3,000 aka rubuta shi a C da akasin alama don a rage kuɗin motar, ABS ɗin da aka bi kowane layi da shi zai mayar da canjin nan kuɗin da aka kashe, ka sake samun giɓin 6,000 kuma wannan karon babu inda za ka gan shi. In kuma a kan jimlar ka ɗora shi, `ABS(SUM(C2:C30))`, layin sakataren nan na 15,000 yana nan yana ɓarnarsa, jimlar za ta fito 85,000 maimakon 115,000. Shafa hoda ne a kan ƙurji.

Ni yadda nake yi, kuma yadda nake so ka koma bayan zaman Asabar, layi biyu, shiga da fita, dukkansu lambobi tsirara babu baka babu alamar cirewa, kan layin ya riga ya faɗi inda kuɗin ya nufa. Fomularka ta asali mai cirewa sai ta zama daidai. Canjin da aka dawo da shi ya tafi layin shiga da bayaninsa a gefe. Sannan ka zaɓi B da C ka je Data, Data Validation, ka zaɓi Decimal, greater than or equal to, ka sa 0, duk wanda ya zo zai buga baka biyu ko N Excel zai ƙi karɓa. Abin da aka kwafo aka liƙa ne kawai ke iya tsallake wannan shingen, don haka ka bar fomular COUNTA ɗin nan a ƙasa tana gadi. Baka biyu kuma ka bar wa gidan ragowa kaɗai, can ne take da amfani, ranar da kuka kashe fiye da abin da kuka tara ta fito da kanta. Tsarin da za ka sa masa:

```
#,##0_);(#,##0)
```

Abin da ke gaban `;` na lambar da ta haura sifili ne, na bayansa na wadda ta yi ƙasa. Kuma dan Allah ka rubuta a saman shafin da manyan baƙaƙe cewa ba a sa alama a B da C, don ma'ajin da zai gaje ka ba zai karanta wannan shafin nawa ba.

TAMBAYA: Na fitar da lissafin shagona a wani shagon kwamfuta a PZ, asarar wata biyu ta fito kamar riba. A allo kuwa ja ce. Daga wata 'yar kasuwa, Sabon Gari.

AMSA: Hajiya tsarin da kika zaɓa ja ne kawai babu alamar cirewa, firintar kuma baƙi da fari ce, ina za ta samo miki ja? Ctrl+1, ki zaɓi mai alama ko mai baka biyu. In kin riga kin kai wa wani takardar ki karɓo ta.

TAMBAYA: A takardar banki kuɗin da ya shigo mini Credit ne, amma a aji an ce kuɗi in ya shigo Debit ake yi. Wa ya yi kuskure? Ɗalibi, Kongo.

AMSA: Babu. Takardar banki littafin banki ne ba naka ba. Kuɗin da ka ajiye bashi ne a kansu, shi ya sa suke rubuta shi a Credit, kai kuma a littafinka dukiya ce ta ƙaru, Debit. In ka kwafo layukansu kai tsaye ka zuba ƙarƙashin kanun layukanka komai zai juye, sai ka musanya su. Ka riƙe wannan da kyau tun kafin jarabawa ta koya maka.

TAMBAYA: Manhajar wurin aikinmu tana fitar da lambobi kamar 7,500- da alamar a baya, SUM ba ya ganinsu.

AMSA: Rubutu ne a wajensa. Zaɓi layin, Data, Text to Columns, a mataki na uku danna Advanced ka tabbatar akwai alama a kan Trailing minus for negative numbers, sai Finish. Ka gwada a kwafin fayil tukuna.

TAMBAYA: A Google Sheets nake aiki, ya zan sa baka biyun ta riƙa fitowa da kanta?

AMSA: Format, Number, Financial. Amma ka koma sama ka karanta amsar ma'aji kafin ka shafa shi a ko'ina.