Saƙona ya faɗa wayar yayar mijina, me zan rubuta mata?

Tambaya: "Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Ƙawata zan tura wa ƙorafi a kan yayar mijina, na ce komai na gidanmu sai ta sa baki, ashe ita na tura wa. Na goge amma tik ya riga ya yi bulu, tun jiya ba ta ce komai ba. In yi shiru ne ko in rubuta mata? Kuma me zan ce?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karantawa cikina yana juyawa, don na san wannan zaman jiran, kina ɗaga waya kina ajiyewa, abinci ma ba ya wucewa.

Kar ki yi shiru. Tunda ya yi bulu ta gani, ki cire wa ranki cewa gogewa ta cece ki. Ko da ma bai yi bulu ba ba hujja ba ce, wasu suna kashe Read receipts, wasu kuma daga saman allo suke karanta saƙo ba tare da sun buɗe ba, ga masu GB WhatsApp da ko kin goge yana nan zaune a wayarsu. Kuma ko a WhatsApp na gaskiya ai yana barin This message was deleted a wurin, to babbar mace ta karanta magana a kanta sannan ta ga an goge ba a ce mata uffan ba, wannan shirun ya fi maganar zafi a wurinta, gani za ta yi kin mai da ita yarinya.

Ni nawa a gurup ɗin adashenmu ya faru nan Gombe. Saƙon murya ne ma, ina ba ƙanwata labarin yadda uwar adashe ke jinkirta kwasa in aka zo kan wasu, na yi maganar da daɗi kuwa har da kwaikwayon muryarta. Ina cikin Keke Napep daga Tudun Wada za ni Pantami na lura, hannuna na rawa na danna Delete for me maimakon Delete for everyone. Yana ba ka daƙiƙa biyar ka danna Undo, ni kuwa ina can ina salati har ya wuce. Shi ke nan saƙon ya ɓace daga wayata, yana nan a wayar kowa, ba ni da abin da zan danna in goge kuma. Admin ce kaɗai za ta iya cire shi wa kowa, ita kuma ba ta da data ranar, na kira na kira waya a kashe.

Amma duk wannan bai ƙona min rai ba kamar abin da wata a gurup ɗin ta yi. Matar da muke gaisawa, ta zo sunan ɗana, na sha ba ta atamfa bashi ba na ko tambaya. Ita ta fara saurara, maimakon ta kira ni ta ce wance ki duba abin da kika tura, sai ta tura shi wani gurup na matan unguwa, ta tura wa ƙanwar mijina, sannan ta dawo ta sa min alamar dariya a ƙasa. Da na tare ta daga baya cewa ta yi wai ita ba ta san sirri ba ne tunda a gurup ta gani. Har yau in na gan ta a biki gaisuwa ce kawai, na yafe don Allah amma kayana ba za ta ƙara ɗauka bashi ba. Shi ya sa nake cewa wanda ya riga ya tura gaba ko ya ɗauki hoton allo, babu gogewar da za ta kai can.

To maganar abin da za ki rubuta. Don Allah kar ki ce yara ne suka taɓa wayar, kar ki ce an shiga WhatsApp ɗinki, kar ki ce da wata kike. Ta san da ita kike, kin ambaci gidanku. Ni sai da wata ta ba ni shawarar in ce wasa nake, Allah ya taimake ni ban bi ba, don uwar adashen da kanta ta ce min daga baya da na yi mata ƙarya da ta cire ni. Ki rubuta gajere, kamar haka:

"Assalamu alaikum Yaya, ina wuni. Saƙon da ya shigo miki jiya ni na rubuta, wata zan tura wa ya zo wurinki. Bai kamata in kai maganarki waje ba, ban kyauta ba. Don Allah ki yi haƙuri ki yafe min. In kin ba ni dama zan zo gida in same ki."

Iya nan. Kar ki ƙara "amma ai ke ma kin san abin da kike min", da kin sa amma kin koma kare kanki, haƙurin ya tashi. Kar kuma ki ce "in ranki ya ɓaci", ya ɓaci mana, ke ma kin sani. Sannan kar ki maimaita abin da kika faɗa a cikin ban haƙurin, ko ki tsaya fassara shi layi layi, ƙara karanta mata shi kike yi. Ƙorafinki na sa baki a gidanki yana iya zama gaskiya fa, ban ce ki janye shi ba, kuma kar ki rantse cewa ba haka ba ne a ranki don ba za ta yarda ba. Abin da kike ba da haƙuri a kai shi ne kai maganarta wurin bare. Waccan maganar ranar ta daban, in ƙura ta lafa.

Ki tura sau ɗaya ki ajiye waya. In ba ta amsa ba kar ki bi ta da saƙo goma da alamar kuka, ki bari ya kwana, washegari ki kira. In ba ta ɗauka ba ki shirya ki je, yayar miji ai ba a gama irin wannan da ita a waya. Ni ma a gurup layi biyu kawai na sa, na ce saƙon ba nan na nufa ba, ina ba kowa haƙuri musamman Hajiya, sauran maganar a falonta muka yi, ta wanke ni tas ina durƙushe, kunyar ranar ba na fatan ko maƙiyina ya ji ta. Kin ga wadda ta yaɗa ɗin ko leƙowa ba ta yi ba.

Da a ce saƙon banza ne, irin lissafin cefane ko hoton ɗinki ya tafi wurin wani, wannan "yi haƙuri ba kai na nufa ba" ya wadatar, ba sai an yi doguwar magana ba. In kuma lambar asusu ce ko hoton da bai kamata ba, ki goge nan take, WhatsApp yana ba da wajen kwana biyu a goge wa kowa, sannan ki roƙi mutumin ya duba cikin hotunan wayarsa ya cire don wani lokaci yana riga ya sauka can. Saƙon tes na layi kuwa babu dawowa, ya tafi ya tafi.

Af, maigida ya sani? In bai sani ba ki gaya masa yau ɗin nan da bakinki, ki nuna masa abin da kika rubuta da wanda za ki tura mata, kafin ita ta kira shi ko maganar ta kai wurin Hajiyarsu. Zai yi faɗa, ki ƙyale shi ya yi, in ya huce ma shi zai raka ki gidan nata.