Totur ɗin G29 yana taka kansa: in zuba masa mai?

Tambaya: Malam, ina buga wasan kwamfuta na Euro Truck Simulator 2 da sitiyarin Logitech G29 na hannu. Tun shigowar hunturu tirelar take tafiya ko ban taka totur ba. Mai gyara a unguwarmu nan Sakkwato ya ce in ɗiga baƙin mai a fedar, in kai deadzone 30, wato saitin da ke sa wasan ya yi watsi da farkon takun feda. Ina tsoron ya lalace, da ƙyar na tara kuɗinsa.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye man nan tukuna. Rufe wasan, ka latsa Windows da R, ka rubuta joy.cpl, ka zaɓi sitiyarin ka shiga Properties. Ɗauke ƙafarka daga feda ka zuba wa layin totur ido.

In layin yana zaune lafiya, yana hawa sumul idan ka taka, fedarka ƙalau take, matsalar a cikin wasan take. Shiga Controls, ka sake ɗaura Acceleration axis ta hanyar taka totur kaɗai har ƙasa. In ka ga ma'aunin cike alhali ba ka taka ba, wasan yana karanta fedar a juye ne, sai ka sauya Acceleration axis mode tsakanin Normal da Inverted.

Amma tunda ka ambaci hunturu, na fi zaton za ka tarar layin yana rawa shi kaɗai. A gindin kowace feda akwai ɗan ma'auni irin makunnin ƙara sautin rediyo: siririn ƙarfe ne ke goga wata shimfiɗar baƙin sinadari, daga inda ya tsaya kwamfuta ke sanin zurfin takunka. Ƙurar Sakkwato ta shiga tsakaninsu, karatun sai ya riƙa tsalle.

To a nan masu gyaran gangan suke kashe wa mutane kaya, kuma wallahi na gaji da gani. Mai ba ya fitar da ƙura, kama ta yake yi. Ranar farko feda za ta yi laushi, ka yi ta sa wa mai gyara albarka. Kafin wani lokaci man ya haɗu da ƙura ya zama taɓo, ƙarfen yana jan sa yana kankare shimfiɗar. Da ta kankare, babu saitin da zai dawo da ita, sai sabon ma'auni. Wasu har fetur suke fesawa a kan roba! Wanda bai taɓa buɗe feda ba, me ya kai shi ba da fatawa?

Cire wuta da wayar USB, ka kwance gindin fedar, ka fesa wa ma'aunin ruwan wanke kayan lantarki, wanda aka rubuta wa Contact Cleaner a gwangwani. Danna fedar da hannu kamar sau 20, ka bari ya bushe. Lokacin jonawa kada ka taɓa komai har sitiyarin ya gama juya kansa hagu da dama, awonsa yake ɗauka.

In rawar da ta rage ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba, sa Acceleration axis deadzone a wajen 5. A 30 kuwa ka zubar da kusan sulusin tafiyar fedar, kuma za ka ji a jikinka ranar da kake lallaɓa tirela da baya.